Hoton allon ces ba ya faɗin komai

A wasan ces, ana ba mutum allo da 'ya'ya a jere, a ce ya nemo takun da zai ritsa sarki ya rasa mafita. Sau da yawa hoto kawai ake turowa, kuma a nan matsalar take, domin akwai abubuwan da hoto ba ya nunawa: wane ne ke da taku, daga wane ɓangare aka ɗauki allon, da kuma ko sarki ko hasumiya sun taɓa motsawa a baya.

Shi ya sa masana wasan ke rubuta matsayin kowane ɗa. Allon yana da gidaje 64, kowanne da sunansa: harafi daga a zuwa h, da lamba daga 1 zuwa 8. Tsarin da aka fi amfani da shi ana kiransa FEN. David Forsyth, ɗan jarida ɗan asalin Sikotlan, shi ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 19, daga baya Steven Edwards ya faɗaɗa shi domin kwamfuta. Ga misali:

```
6k1/5ppp/1r6/8/8/4R3/5PPP/6K1 w - - 0 1
```

Ana karantawa daga layi na 8 a sauko zuwa na 1. Manyan haruffa na fari ne, ƙanana na baƙi, lambobi kuwa gidajen da babu kowa. Sarkin baƙi yana g8, sojoji uku na gabansa a f7, g7 da h7, hasumiyarsa na b6. Sarkin fari yana g1 a bayan nasa sojojin uku, hasumiyarsa na e3. Harafin `w` na nufin takun fari ne.

Fari zai kai hasumiya e8, shi ke nan wasa ya ƙare, don sojojin baƙi da kansu sun tare wa sarkinsu hanya, hasumiyarsa kuma ba ta iya kaiwa f8 ta kare shi. Amma a mayar da `w` ya koma `b`, sai labari ya juye. Baƙi zai sauko da hasumiya b1, dole fari ya tare da tasa a e1, baƙi ya cinye ta, sarkin fari ya mutu. Hoto ɗaya ne, amma wanda ya yi nasara ya canza.

Kuskuren gida ɗaya ma ya isa. Idan an ɗauki hoton a karkace, sojan h7 na iya zama kamar yana h6. In haka ne, hasumiya ta je e8 sai sarki ya sulale zuwa h7, mai nema ya yi ta wahalar neman kisan da babu shi.

Kafin a fara lissafi, sai a duba rubutun: kowane layi ya cika gidaje 8, sarki ɗaya ga kowane ɓangare, kuma babu soja a layi na 1 ko na 8. Sannan a liƙa shi a allon nazari na Lichess a kwatanta da hoton gida-gida.