Daidaita lokutan aikatau a rahoton abin da ya faru

Rahoton abin da ya faru takarda ce da ake rubutawa bayan haɗari, ko sata, ko gobara, ko wata ɓarna a wurin aiki, domin wanda bai ga abin da idonsa ba ya san yadda aka yi. Mai gadi yakan rubuta shi, haka nas a asibiti da direban kamfani da shugaban makaranta. Marubucin yana zaune ne bayan komai ya wuce, yana waiwaye. Saboda haka ƙashin bayan rahoton shuɗaɗɗen lokaci ne, kuma duk inda aka bar shi aka koma wani lokacin, sai an sanar da mai karatu.

A Hausa aikatau ba ya sauya siffa don nuna lokaci. Kalmar "kira" tana nan yadda take, abin da ke gabanta ne ke sauyawa: sun kira, suka kira, suna kira, za su kira, sukan kira. Shuɗaɗɗen lokacin ma iri biyu ne. Na farko shi ne mai "sun" da "mun" da "an", wanda ke sanar da cewa abu ya auku ya kammala. Na biyu shi ne mai "suka" da "muka" da "aka", kuma shi ke jera abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Rahoto yakan buɗe da na farko, sannan na biyu ya ɗauki labarin har ƙarshe.

Ga misalin rahoton da za a iya rubutawa game da wani ɗakin janareta, da kurakuran da aka saba gani:

"Mai gadi ya ji warin ƙuna daga ɗakin janareta ranar Talata da ƙarfe 9:40 na dare. Ya kira mai kula da injin, suka buɗe ƙofa. Hayaƙi yana fita daga wayar da ke bayan injin. Sun kashe injin. Mai yana zuba a ƙasa. Ana kiran 'yan kwana-kwana. Za su zo da ƙarfe 10:15."

Babu jimlar da ta karya nahawu a nan, kuma shi ya sa irin wannan kuskure ke wuce idon marubuci. Amma manajan da ya karanta takardar da safiyar Laraba zai tsaya cak a kan "mai yana zuba a ƙasa". Jiya da dare yake zuba, ko har yanzu? In har yanzu ne, sai a rufe ɗakin a hana kowa kusantarsa. In jiya ne, gyara kawai ya rage. Dalilin ruɗanin shi ne "yana" da "ana" da "suna" ba su da lokacin kansu, daga abin da ke kewaye da su suke aro. "Yana barci" na iya zama yanzu, "na same shi yana barci" kuwa jiya ne. Idan aka bar irin wannan jimla ita kaɗai ba madogara, mai karatu zai ɗauke ta a matsayin abin da ke gudana a lokacin da yake karantawa.

Maganin shi ne a rataya ta a jikin wani aikatau da ya shuɗe, kamar "suka tarar" ko "suka ga", ko a sa mata "a lokacin". Haka "za su zo" take bukatar "suka ce" a gabanta, don a gane alkawari ne da aka yi a daren, sannan a faɗi ko an cika shi. "Ana kiran 'yan kwana-kwana" kuwa ba ta da gurbi ko kaɗan, domin kira abu ne da aka yi aka gama. Bayan gyara rahoton zai koma haka:

"Mai gadi ya ji warin ƙuna daga ɗakin janareta ranar Talata da ƙarfe 9:40 na dare. Ya kira mai kula da injin, suka buɗe ƙofa, suka tarar hayaƙi yana fita daga wayar da ke bayan injin. Suka kashe injin da ƙarfe 9:45, sannan suka ga mai yana zuba a ƙasa. Da ƙarfe 9:50 aka kira 'yan kwana-kwana, suka ce za su iso da 10:15. Sai 10:25 suka iso."

An kuma mayar da "sun kashe" zuwa "suka kashe". Tsoma "sun" a tsakiyar jerin "suka" yakan tsinke igiyar labari, har mai karatu ya zaci an kashe injin tun kafin a buɗe ƙofa. Wannan kuskure yana da wuyar gani idan mutum ɗaya ake magana a kai, saboda rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali: "ya kira" na farko mai dogon wasali da "ya kira" na biyu mai gajere duk iri ɗaya ake rubuta su. Dabarar ita ce a mayar da jimlar jam'i a zuci. In "suka" ta zauna daidai, ana cikin jerin labari. In "sun" ce ta zo, to an fita daga jerin, sai a duba ko da gangan aka fita.

Akan fita da gangan, kuma daidai ne. Abin da ya faru kafin lamarin yana bukatar "riga" ko "kafin nan" tare da adadin kwanaki: "Kwana 3 kafin nan, mai kula da injin ya riga ya kai rahoton cewa tiyon mai ya tsage." Abin da ba ya sauyawa, kamar "ɗakin janareta yana bayan sito", ana barinsa yadda yake, haka ma maganar shaida idan an kawo ta cikin alamar zance. Halin da ake ciki yanzu kuma a ware masa sakin layi a ƙarshe, da sa'arsa: "Zuwa ƙarfe 8:00 na safiyar Laraba, lokacin rubuta wannan rahoto, an toshe yoyon, amma injin ba ya aiki." Faɗin sa'ar ya zama dole, tunda takardar na iya kwana uku a kan tebur kafin a buɗe ta.

Lokaci sabau ya fi duka haɗari. "Mai kula da injin yakan duba shi da ƙarfe 9:00" ta faɗi al'ada ne kawai, ba ta ce ya duba a daren Talata ba. Sau da yawa marubuci yakan fake da ita ne don kare abokin aiki, mai bincike kuwa nan zai fara sa yatsa. Abin da rahoto ke nema shi ne "ya duba da ƙarfe 9:00" ko "bai duba ba".

Yawancin rahotannin ofis a Najeriya da Turanci ake rubuta su, a Nijar kuma da Faransanci, kuma a harsunan biyu aikatau kansa ne ke ɗaukar alamar lokaci. Bahaushen da ke tunani da Hausa yana rubutu da Turanci yakan fassara "yana" da siffar yanzu, alhali ta shuɗaɗɗen lokaci ake bukata, sai hayaƙin jiya ya koma na yau. Hanyar dubawa ɗaya ce a kowane harshe: bayan an gama rubutu, a ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, a tambaye shi da ƙarfe nawa. Jimlar da ta iya amsawa da "jiya" da "yanzu" duka biyu, ita ce ke bukatar gyara kafin a sa hannu.