Kafin Ka Sa Sunan Malaminka a Takardar Neman Aiki

Waya ta yi ƙara a ofishin wani malamin jami'a. Mai kira ya ce wata Hadiza ta ba da sunansa a matsayin mai shaidarta. Malam ya yi jim, ya ce, "Wace Hadiza ke nan?" Ba mugunta ya yi ba, ɗalibai nawa suka wuce ta hannunsa? Amma mai ɗaukar aiki ya riga ya ji abin da ya ji.

Abin da ke raba gardama shi ne sanarwar aikin. Jami'o'in Najeriya sukan nemi masu shaida uku, har su ce kowanne ya aika wasiƙarsa ta sirri kai tsaye ga magatakarda. A irin wannan, rubuta sunayen dole ne: cikakken suna, muƙami, wurin aiki, lambar waya da imel. Wanda ya kammala hidimar ƙasa zai iya sa malamin da ya duba furojet ɗinsa, da shugabansa a inda ya yi hidima, da wani da ya ga aikinsa da idonsa. Kawu ko mai unguwa ba su dace ba, domin ƙwazon aiki ake tambaya. Mai tsaya wa mutum idan ya yi ɓarna, shi garanto ne, harkarsa daban ce.

Idan sanarwa ba ta nemi kowa ba, musamman in takardar za ta yi ta yawo hannu-hannu, a rubuta cewa za a ba da masu shaida idan an buƙata. Ni dai a ganina ko wannan layin ba dole ba ne, kowa ya san za ka bayar. Amfaninsa shi ne lambar mutane ba ta shiga hannun kowa da kowa, kuma wanda ke kan wani aikin bai tona kansa ga shugabansa ba tun kafin lokaci. Sai dai a ajiye sunayen a takarda daban, a tafi da ita ganawa.

Neman izini kuwa, a je da ƙafa in da hali, ko a buga waya. Bayan gaisuwa: "Ranka ya daɗe, Hadiza ce, ka duba furojet ɗina. Ina neman aikin akanta, za a rufe karɓar takardu nan da mako uku. Ko za ka iya ba da kyakkyawar shaida a kaina?" Kalmar "kyakkyawar" tana ba shi ƙofar kaucewa. In ya ce "to, za mu gani", a nemi wani. In ya amince, a tura masa takardar da sanarwar, a tambayi lambar da yake so a sa.

Kuma izinin bara ba ya wadatar da neman bana. Duk sanda za ka sake ba da sunansa, ka sanar da shi tukuna.