Yarinyar shafi na 4 ce a shafi na 20?

Yaron da bai fara haɗa baƙi ba da hoto yake bin labari. In jarumar ta canza kama a tsakiyar littafi, a wurinsa wata ce daban ta shigo, labarin kuma ya tsinke ke nan. Wannan ne abin da ya kamata mai duba zane ya fara bincikawa tun kafin a kai aiki maɗaba'a.

Irin waɗannan littattafai galibi shafi 32 ne. A buga su duka a takarda, a shimfiɗa su jere a ƙasa, domin a fuskar kwamfuta shafi ɗaya ake gani, ido kuwa yana saurin mantuwa. Sai a auna tsayin jarumar da kanta. Babban mutum yana kai tsayin kansa sau bakwai zuwa bakwai da rabi, ƙaramin yaro kuwa ƙasa da haka sosai. A ce yarinyar labarin kai huɗu ce a shafi na 4, amma a shafi na 20 ta zama kai shida. To ta yi girman shekaru alhali labarin na yini ɗaya ne. Hakan kan faru ne saboda aikin yana ɗaukar watanni, hannun mai zane yana ta sauyawa bai sani ba. Maganinsa shi ne ya fara zana ta a takarda guda, ta gaba da ta gefe da ta baya, tana dariya tana kuka, ya riƙa komawa gare ta.

Daga nan sai ƙananan alamu: yawan layin kitsonta, launin ɗankwali, giɓin haƙori. Tabon da ke kuncin dama ya koma hagu? An juya hoton ne a kwamfuta don ya dace da shafi.

Batun layi ne na ga ana yawan yi wa gurguwar fahimta. Mutane suna zaton layi mai kyau shi ne mai santsi. Dick Bruna, ɗan ƙasar Holan da ya ƙirƙiro zomanya Miffy a 1955, da burushi yake jan layinsa a hankali, har ana ganin 'yar rawar hannu a jikinsa, kuma ita ce ke ba zanen rai. Fuskar Miffy ɗigo biyu ce da ɗan gicciye a baki, don haka ko kaɗan ya gusar da ɗigon nan sai yanayin fuskar ya canza. Abin tambaya dai shi ne ko da gangan aka ja layin haka, kuma ko kaurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Zanen da aka yi babba aka rage shi, layinsa yakan sirance har ya ɓace a bugu, musamman a takarda mai arha. Saboda haka a duba shi a ainihin girman da littafin zai fito.