Ctrl+C, Ctrl+V da Ctrl+Z: Abin da za ka fara koya idan ka baro waya ka zauna gaban kwamfuta

A waya, idan kana son kwafe lambar asusu daga WhatsApp, sai ka danne ta da yatsa har ta canza launi, ka taɓa Copy. A kwamfuta ma aikin ɗaya ne: ka zaɓi rubutu, ka kwafe, ka liƙa. Bambancin kawai shi ne maɓallai ke yin aikin yatsa. Larry Tesler, wanda ya rasu a 2020, yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro wannan dabara a kamfanin Xerox tun shekarun 1970.

Mu ɗauka maigidanka a Kantin Kwari ya sa ka cike fom a intanet, kuma lambar asusun shagon mai lamba 10 tana cikin wani fayil na Word. Ka danna kan lambar sau biyu da sauri da linzami, za ta haskaka gaba ɗaya. Idan an rubuta ta da giɓi, kamar 012 345 6789, danna biyun zai kama yanki ɗaya ne kawai. A nan sai ka danna sau ɗaya kafin lambar farko, ka riƙe Shift, ka danna bayan ta ƙarshe. Ni na fi son wannan a kan jan linzami, domin hannun sabon shiga yakan zame ya bar lamba ɗaya a baya.

Yanzu ka riƙe Ctrl, ka taɓa C sau ɗaya, ka saki. Ba za ka ga komai ya motsa a allo ba, kuma hakan daidai ne. Ka koma kan fom, ka danna cikin akwatin har ɗan layin nan ya fara ƙyaftawa, sannan Ctrl+V. Ƙirga lambobin kafin ka tura. Idan fom ya ƙi karɓa alhali sun cika, danna End ka duba, domin Word yakan haɗo da giɓin da ke bayan kalma. Backspace ɗaya ya cire shi.

Kwamfuta abu ɗaya take riƙewa a lokaci guda. Da ka kwafe sunan banki, lambar ta tafi. Idan kuma ka danna Ctrl+C ba ka zaɓi komai ba, tsohon abin ne zai fito. Ctrl+X kuwa yana kwafewa ne tare da cire rubutun daga inda yake.

Inda hankalin sabon shiga ya fi tashi shi ne Ctrl+A, mai zaɓar komai. Duk rubutun da aka zaɓa, maɓallin da ka taɓa na gaba zai maye gurbinsa, sai ka ga shafi uku sun koma harafi ɗaya. Kada ka rufe fayil ɗin. Danna Ctrl+Z, kowane dannawa yana mayar da kai taki ɗaya baya. Idan ka zarce, Ctrl+Y ya dawo da kai gaba. Amma da ka yi Save ka rufe, Ctrl+Z ya manta komai, kuma ba ya dawo da fom da aka riga aka tura.

Sai batun laftof ɗin gwanjo, irin waɗanda ake saya a titin Beirut ko a Sabon Gari. Wasunsu daga Faransa ko Jamus suka fito, jerin haruffansu daban ne, amma an saita Windows ɗin a kan tsarin Ingilishi. Duba layin haruffa na sama. Idan ya fara da QWERTZ, na Jamus ne: Ctrl ɗinsa an rubuta Strg, kuma maɓallin da aka rubuta wa Z zai ba ka Y. Idan ya fara da AZERTY, a nan haɗarin yake, domin mai tambarin Z zai ba ka W, kuma Ctrl+W rufe shafi yake yi. Kana neman gyara kuskure, sai fom ɗin ya ɓace. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe Notepad, taɓa Z da A, ka ga harafin da ya fito. Abin da ya fito a allo za ka bi. A yawancin ThinkPad kuma, Fn ne a kusurwar hagu, Ctrl na gefensa.

Idan a kafe ka yi aikin, abin da ka kwafe na ƙarshe yana nan bayan ka tashi, ko NIN ne ko kalmar sirri. Kwafi wata kalma ta banza ta maye gurbinsa. A Windows 10 da 11 ka ƙara da maɓallin Windows+V: idan an kunna ajiyar kwafe-kwafe, za ka ga jerinsu, sai ka danna Clear all.