Sauya rubutun hoton bidiyo ba tare da taɓa fuska ba

Duk mai bin finafinai masu dogon zango a YouTube, irin su Labarina da Izzar So, ya san cewa abin da ido ke fara gani shi ne ƙaramin hoton nan da ke gaban bidiyo: fuskar jarumi ko jaruma, sai manyan haruffa a gefe. Masu tashoshi kan buƙaci sauya waɗannan haruffa fiye da yadda mai kallo ke zato. Lambar kashi na sauyawa kowane mako, wani lokaci an yi kuskuren rubutu, wani lokaci kuma kalmomin farko ba su ja hankalin kowa ba. Fuskar dai ta yi kyau, bayan hoton ma ya yi, rubutun kaɗai ake son cirewa. Da jin maganar sai a ɗauka aikin minti ɗaya ne. Yakan zama hakan, yakan kuma cinye yini guda, ya danganta da irin fayil ɗin da ke hannunka.

Lokacin da mai zane ke haɗa hoton a PixelLab ko Canva ko Photoshop, kowane abu a shimfiɗarsa yake. Bayan hoto na ƙasa, fuska na samansa, rubutu na can sama, kuma ana iya ɗauke ɗaya a bar sauran. Da zarar ya fitar da aikin a matsayin JPG ko PNG, shimfiɗun sun narke sun zama abu ɗaya. Hoton da aka saba ɗorawa yana da faɗin ɗigo 1280 da tsayin ɗigo 720, wato ɗigo 921,600, kowane ɗigo kuma launi ɗaya tak yake riƙewa. Ɗigon da harafi ya hau ya ɗauki launin harafin, ya manta da labule ko katangar da ke wurin a da. Kamar zane ne da aka yi wa tambari da rini: adon asali ba ya ɓoye a ƙarƙashin tambarin yana jiran a tono shi. Saboda haka duk manhajar da ta ce za ta goge maka rubutu, abin da take yi a zahiri shi ne ta ƙago abin da za ta cike gurbin da shi.

Shi ya sa tambayar farko ita ce: ina fayil ɗin aiki? A PixelLab, wanda ya taɓa Save as project ya ajiye shimfiɗunsa, wanda ya taɓa Save as image kaɗai ya ajiye narkakken hoto. A Photoshop fayil ɗin aiki shi ne mai ƙarewa da .psd, kuma ko ba ka da Photoshop za ka iya buɗe shi a shafin Photopea. Canva kuwa tana riƙe da zanen a asusun wanda ya yi shi. Idan aka samu wannan, an gama: a taɓa rubutun, a sauya kalmomi, a fitar. Fuska ba ta ma san an zo ba.

Matsalar ita ce sau da yawa ba a samu. Wayar mai zane ta lalace, ko an ɓata da shi, ko kuma tun farko hoto kawai ya turo. To, bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe.

A ce hoton na wani shirin wasan kwaikwayo ne. Jaruma tana ɓangaren dama, sanye da jan gyale. A hagu an rubuta ASIRI YA TONU a layi biyu, haruffa ruwan ɗorawa masu baƙin gefe da 'yar inuwa. Layin sama yana kan farar katanga, layin ƙasa ya ratsa labule mai tsaga-tsaga, harafin U na ƙarshe kuma ya hau gefen gyalen. Ana son a mayar da rubutun ƘARYA TA ƘARE.

Kafin a goge komai, a koma cikin bidiyon. Yawancin irin waɗannan hotuna daga cikin fim ɗin aka ciro su, don haka mai yiwuwa ne a samu daidai daƙiƙar da jarumar ta yi wannan kallon, ba rubutu a kai. Idan an dace, sai a ciro hoton daga ainihin fayil ɗin bidiyon, a ajiye shi a ƙarƙashin tsohon, a daidaita girma, a yanko katanga da labule na gaskiya a lulluɓe haruffan da su. Wannan ya fi kowace dabara, domin ba a ƙago komai ba. Sai dai a lura da launi, don masu zane kan ƙara haske da kaifin launi, sai facin ya fito a dushe idan ba a gyara shi ba.

Idan ba a samu ba, a nemi mafi kyawun kwafin hoton da ke akwai. Wanda ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, hoton allo na waya kuma ya fi shi muni. Idan hoton yana kan YouTube, akan samu babban kwafinsa ta wannan adireshi, a sa lambar bidiyon a gurbin `ID`:

```
https://img.youtube.com/vi/ID/maxresdefault.jpg
```

Hanya mafi sauƙi daga nan ita ce rufewa. A zana akwati mai launi ɗaya, baƙi ko ja, a ɗora shi a kan tsohon rubutu, a rubuta sabo a kai. Wasu na raina wannan, ni kuwa ina ganin ga mai aiki da waya ita ce mafi aminci, kuma rubutu a kan launi ɗaya ya fi saurin karantuwa. Aibinta a misalinmu guda ne: akwatin zai ci gefen gyalen. Maganinsa shi ne a yi kwafin tsohon hoton, a yanke jarumar kaɗai, a ɗora ta a saman akwatin, a bi gefen gyalen da abin gogewa a hankali.

Wanda yake son katangar da labulen su ci gaba da bayyana dole ya yi ciko. A waya akwai Healing na Snapseed, a kwamfuta akwai Content-Aware Fill, wanda Photoshop ta zo da shi tun 2010. Dukansu suna duban abin da ke kewaye da gurbin ne su kwaikwaya. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo a nan shi ne iyakar wurin da aka zaɓa. Ɗan koyo yakan zaɓi ruwan ɗorawan kawai, ya manta da baƙin gefe da inuwa, sai bayan ciko a ga fatalwar haruffan tana nan. A faɗaɗa zaɓin da ɗigo huɗu zuwa shida ta Select > Modify > Expand domin ya haɗiye inuwar da kuma dusar da JPG ke bari a bakin haruffa. Amma kada a zana ƙaton akwati guda a kan layukan biyu, don manhajar za ta fara aron abin cikewa daga nesa, har ka ga wani yanki na jan gyale ya ɓullo a tsakiyar katanga. Harafi ɗaya-ɗaya ake bi, kuma a kan kwafi, a bar na asali a kulle a ƙasa.

Farar katangar ba za ta ba da wahala ba. Labulen ne zai ba da, domin tsagarsa za ta karkace ko ta yanke a inda aka cike. Nan sai a koma ga Clone Stamp, a kwafo tsagar daga sama, a jawo ta ƙasa a miƙe. Wurin harafin U shi ya fi ko'ina haɗari, tunda a nan launi biyu suka haɗu, kuma manhaja takan cuɗa jan gyale da labule ta bar wani dishi-dishi. A gyara gefen labule daban, gefen gyale daban. Da a ce harafin kan kumatu ko ido ya hau, shawarata ita ce a haƙura da ciko, a tsara sabon rubutun ya rufe wurin. Ai dama sabbin haruffan za su lulluɓe mafi yawan cikon, don haka abin da ya cancanci wahala shi ne wanda zai leƙo ta tsakaninsu.

Akwai kuma sabbin manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ake ba su hoto a ce su sauya rubutu su bar sauran. Sakamakon yakan burge a kallon farko. Sai dai da yawansu sake zana hoton gaba ɗaya suke yi, don haka fata kan yi sumul fiye da da, tsagar gado ko tabon fuska ya ɓace, zanen lalle ko ɗan kunne ya sauya siffa. Masoyan jarumar za su ji wani abu bai zauna ba ko da ba su iya faɗin mene ne ba. Mai son amfani da su ya zaɓi irin wadda ake shafa wurin da za a taɓa, kamar Generative Fill. Idan kuma an riga an sake zana hoton duka, a yanko ɓangaren katanga da labule kawai a ɗora a kan na asali. Kalmomin kuma mutum ya rubuta da hannunsa, domin waɗannan manhajoji na yawan yin tuntuɓe a Hausa.

Tuntuɓen ma ba nasu ba ne su kaɗai. Yawancin salon haruffa masu kauri da ake so a irin wannan aiki ba su da Ƙ da Ɗ da Ɓ. Sai ka rubuta ƘARYA, harafin farko ya fito siriri cikin wani salo daban, ko ya zama ɗan akwati fanko. Noto Sans da Andika suna da su duka. A gwada kalmar kafin a yi nisa, kada a gama aiki a koma rubuta KARYA TA KARE, wanda mai karatu zai iya ɗauka labarin karnuka ne. A kuma kauce wa kusurwar ƙasa ta dama, inda YouTube ke liƙa tsawon bidiyon.

Ta yaya za a tabbatar ba a taɓa fuskar ba? Ido kaɗai ba ya isa. A ɗora tsohon hoton a saman sabon, a mayar da yanayin shimfiɗar Difference. Duk inda hotunan biyu suka yi daidai zai zama baƙi ƙirin, inda suka bambanta zai yi haske. Idan aikin ya yi, wurin rubutu kaɗai zai haska. Idan ka hango siffar ido ko hanci a cikin duhun, an taɓa fuskar ko an gusar da ita. Mai waya kawai zai iya buɗe hotunan biyu, ya zuƙo fuskar, ya riƙa juyawa tsakaninsu da sauri, duk abin da ya motsa zai nuna kansa.

A fitar da hoton sau ɗaya, domin duk lokacin da aka sake ajiye JPG sai ya ƙara rage inganci, har a fuskar da ba a taɓa ba. Idan za a tura wa mai tasha ta WhatsApp, a tura a matsayin Document. Sauya hoton a YouTube Studio ba ya shafar adireshin bidiyon ko yawan masu kallo, amma tsohon kan ɗan jima yana bayyana a wasu wayoyi, kuma saƙonnin da aka riga aka yaɗa suna nan da tsohon hotonsu. Sabon rubutun ya zama abin da ke cikin bidiyon ne da gaske, domin dokokin YouTube sun hana hoton yaudara, kuma ɗaukar hoton wata tasha a sauya masa kalmomi cin haƙƙin mai shi ne.

Ga masu ba da aikin zane kuwa, tun ranar ciniki ku ce a haɗo muku abu uku: hoton da aka gama, kwafinsa marar rubutu, da fayil ɗin aiki. Kwafin marar rubutu ba ya ɗaukar mai zane ko minti ɗaya, ɓoye shimfiɗar rubutu kawai zai yi ya sake fitarwa.