Gurbi biyar na cron: yadda ake sa kwamfuta ta yi aiki da ƙarfe bakwai na safe, Litinin zuwa Juma'a

Kwamfutocin da ke aiki da Linux suna ɗauke da wata ƙaramar manhaja mai suna cron, wadda aikinta shi ne duba agogo. Duk minti ɗaya takan farka, ta duba jerin ayyukan da aka rubuta mata, ta ga ko akwai wanda lokacinsa ya yi daidai da wannan mintin. In akwai ta tayar da shi, in babu ta jira minti na gaba. Tsohuwar manhaja ce, domin tana cikin Unix tun shekarun 1970, kuma irin wadda aka fi amfani da ita a yau ta samo asali ne daga wadda Paul Vixie ya rubuta a 1987.

Ana gaya mata lokaci ne da layi ɗaya gajere, kuma wannan layin ne yake tsorata mutane idan suka fara ganinsa. A ce mai shagon sayar da kayan masarufi yana da wani ɗan fayil da ke tattara lissafin cinikin jiya ya aika masa a waya, yana kuma so saƙon ya iso da ƙarfe bakwai na safe a ranakun aiki. Ga abin da za a rubuta:

```
0 7 * * 1-5 /home/shago/rahoto.sh
```

Layin kashi biyu ne. Abin da ke ƙarshe, wato `/home/shago/rahoto.sh`, shi ne aikin da za a yi. Abubuwa biyar da suka gabace shi su ne lokacin, kuma kowane ɗaya yana da gurbinsa da ba ya sauyawa. Tazara ce kawai ta raba su.

Gurbi na farko na minti ne, daga 0 zuwa 59. Na biyu na awa ne, daga 0 zuwa 23, domin cron ba ta san safe ko yamma ba, agogon awa ashirin da huɗu take bi. Bakwai na safe 7 ne, bakwai na dare kuwa 19. A nan ne tuntuɓen farko yake. Mu a baki mun saba fara faɗin awa kafin minti, mu ce ƙarfe bakwai da minti goma. Cron ta juya abin, minti take fara karantawa. Wanda ya bi bakinsa ya rubuta `7 0` ya ce mata ne ta yi aikin da ƙarfe goma sha biyun dare da minti bakwai. Saboda haka `0 7` ne daidai: minti sifili, awa bakwai.

Na uku kwanan wata ne, 1 zuwa 31, na huɗu kuma watan kansa, 1 zuwa 12, daga Janairu zuwa Disamba. Mai shagonmu bai damu da ko yau 3 ga wata ne ko 28 ba, bai kuma damu da ko Maris ake ciki ko Nuwamba ba, shi ya sa aka sa tauraro a duka biyun.

Gurbi na biyar ranar mako ce. Lahadi ce 0, Litinin 1, Talata 2, Laraba 3, Alhamis 4, Juma'a 5, Asabar 6. Yawancin kwamfutocin Linux suna karɓar 7 ma a matsayin Lahadi. Karan ɗorin da ke tsakanin 1 da 5 yana nufin daga nan zuwa can, har da su biyun. Ke nan `1-5` Litinin ce zuwa Juma'a. Ana iya rubuta `1,2,3,4,5` da waƙafi, ma'anar ɗaya ce.

Yanzu a dawo kan tauraro, domin wanda ya fahimce shi ya gama fahimtar cron. Mutane da yawa suna ɗaukar tauraro a matsayin "na bar nan babu komai". Ainihin ma'anarsa ita ce "kowane ɗaya". Cron ba ta karanta layin kamar alƙawarin da za a cika sau ɗaya, tambayoyi take yi wa agogo a kowane minti. Da ƙarfe bakwai daidai na ranar Laraba za ta tambaya: minti sifili ne? E. Awa bakwai ce? E. Kwanan wata da wata? Tauraro ya amince da kowanne. Ranar tana tsakanin 1 da 5? Laraba 3 ce, e. Sai ta tayar da aikin. Bayan minti ɗaya tambayar farko ta faɗi, don minti ya zama 1, sai ta yi shiru har gobe.

To dubi abin da zai faru idan aka sa tauraro a gurbin minti:

```
* 7 * * 1-5 /home/shago/rahoto.sh
```

Wanda ya rubuta wannan yana ganin ya ce ƙarfe bakwai. Abin da ya ce shi ne kowane minti na cikin awar bakwai. Aikin zai tashi da 7:00, ya sake tashi da 7:01, haka har 7:59. Saƙo 60 ke nan a safiya ɗaya, 300 a mako. Idan saƙon tes ne da ake biyan kuɗi, ko kuwa tunatarwa ce ake aika wa abokan ciniki, asarar ta wuce ta kuɗi, har da ta mutunci. A ganina wannan ne kuskuren da ya fi kowane yawa, kuma alamarsa a fili take: abu ɗaya yana ta maimaituwa tsawon awa guda cur, sannan ya tsaya da kansa.

Akwai kuma ruɗani tsakanin gurbi na uku da na biyar, tun da duka biyun maganar rana suke yi. Wanda ya rubuta `0 7 1-5 * *` ya zaɓi kwana biyar na farkon kowane wata, ko da Asabar da Lahadi sun faɗo ciki, daga 6 ga wata kuma ba zai sake jin komai ba sai wata ya ƙare. Wani abin da ya fi wannan ɓuya shi ne idan aka cika guraben biyu a lokaci guda. A sauran gurabe dole ne kowane sharaɗi ya cika, amma waɗannan biyun, idan babu tauraro a ko ɗaya, cikar ɗaya ta wadatar. Ke nan `0 7 1 * 1` ba ya nufin ranar 1 ga wata idan ta faɗo Litinin. Yana nufin kowace ranar 1 ga wata, da kuma kowace Litinin. Mai neman ranakun aiki ya bar gurbi na uku da tauraronsa, ya huta.

Ranakun aiki ma ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. A Sudan makon aiki yakan fara ne ranar Lahadi ya ƙare Alhamis, don haka can `0-4` za a rubuta. Makarantar allo da ke karatu daga Asabar zuwa Laraba kuwa sai an yi hattara, domin lissafin ya ratsa ƙarshen mako. Kada a rubuta `6-3`, ba kowace cron ce ke gane zango mai komawa baya ba. A raba shi biyu da waƙafi, a rubuta `6,0-3`.

Shigar da layin ba shi da wuya. Umarni biyu ne:

```
crontab -e
crontab -l
```

Na farko yana buɗe fayil ɗin da ake rubuta ayyuka a ciki, a rubuta layin, a adana. Na biyu yana nuna abin da aka adana, don mutum ya tabbatar ya shiga. Akwai na uku, `crontab -r`, wanda yake share dukkan ayyukan mutum, galibi ba tare da ya tambaye shi ba. Harafin r kuma yana maƙwabtaka da e a kan allon rubutu. Duk wanda ya tara ayyuka da yawa ya kamata ya ajiye kwafinsu a wani wuri dabam.

Sauran matsalar ita ce bakwai na agogon wa. Cron tana bin agogon kwamfutar da take ciki ne, ba na hannun mai ita ba. Kwamfutocin da ake haya ta intanet da yawa an saita su a kan lokacin duniya na UTC, alhali Najeriya da Nijar suna gaba da shi da awa ɗaya duk shekara. Idan aka rubuta `0 7` a irin wannan kwamfutar, saƙon zai iso Kano ko Damagaram da ƙarfe takwas. Alamar ita ce aikin yana tafiya lafiya lau amma kullum a makare da awa ɗaya daidai. A buga `date` a ga abin da ta nuna: in UTC ne, ko dai a sauya agogon kwamfutar, ko a rubuta `0 6 * * 1-5`. Wanda yake Kumasi ba shi da wannan damuwar, don agogon Gana daidai yake da UTC.

Cron kuma ba ta rama bashi. Idan an ɗauke wuta kwamfutar tana kashe da ƙarfe bakwai, aka kunna ta da bakwai da minti goma, aikin ranar ya wuce ke nan, sai gobe. Akwai wata manhaja, anacron, da aka yi don kwamfutocin da ba sa kwana a kunne, tana yin aikin da aka rasa idan an kunna, sai dai ita da kwanaki take lissafi, ba ta kama minti. Wanda lallai sai bakwai daidai yake so, sai ya tanadar wa kwamfutarsa batir ko sola, ko ya ɗora aikin a kan wadda ba a kashewa.

Idan lokaci ya yi daidai amma ba a ga sakamako ba, laifin galibi na aikin ne, ba na guraben biyar ba. Cron ba ta san dukkan wuraren da mutum yake ajiye fayilolinsa ba, shi ya sa ake rubuta cikakkiyar hanya tun daga `/home`, ba `rahoto.sh` kaɗai ba. Yana da kyau kuma a sa aikin ya riƙa rubuta duk abin da ya faɗa, har da kurakuransa, a wani fayil:

```
0 7 * * 1-5 /home/shago/rahoto.sh >> /home/shago/rahoto.log 2>&1
```

Da wannan, idan saƙo bai iso ba, sai a buɗe `rahoto.log` a karanta dalilin. A Ubuntu, `grep CRON /var/log/syslog` yana nuna ko cron ta tayar da aikin ma tun farko.

Mai karatu da ke son gwadawa ba sai ya jira safiyar Litinin ba. Duba agogon kwamfutarka, ka ƙara minti biyu a kai, ka sa wannan mintin da wannan awar a gurbi na farko da na biyu, ka bar sauran ukun da tauraro. In aikin ya tashi kuma sakamakon ya fito yadda kake so, sai ka mayar da guraben zuwa `0 7 * * 1-5`, ka buga `crontab -l`, ka karanta layin da babbar murya gurbi bayan gurbi kafin ka tashi daga wurin.