Aikin Dare a Gajimare: Minti 15 da Tashin Sanyi

A da, mai son kwamfuta ta yi masa wani aiki kullum cikin dare sai ya bar ta a kunne. A 2014 kamfanin Amazon ya fito da AWS Lambda: ka ajiye 'yar manhajarka a wurinsu, ka sa mata lokaci, su kunna ta idan lokacin ya yi, ka biya kuɗin daƙiƙun da ta yi aiki. Sai dai wannan sauƙi yana da sharuɗɗa biyu.

Na farko shi ne tashin sanyi. Duk mai babur ya san yadda yake ƙin tashi da asubar hunturu. Haka manhajar take: idan ta jima ba a kira ta ba, sai a rushe mazauninta, kuma kira na gaba sai ya jira an gina sabo an loda komai. Aikin da ake yi sau ɗaya a rana kusan kullum da sanyi yake tashi. Shi kuwa mai gwaji da rana yana ta kiran ta a jere, injin da ɗumi, sai ya zaci haka saurinta yake. Alamar tana cikin rahoton aikin: idan ka ga Init Duration, to daga sanyi ta tashi.

Na biyu shi ne wa'adi. Idan ba ka canza ba, daƙiƙa 3 kacal Lambda ke bayarwa, kuma iyakar abin da za ka iya ƙarawa minti 15 ne, wato daƙiƙa 900. Da ya cika sai a yanke aikin, a bar maka wannan:

```
Task timed out after 900.00 seconds
```

A ce wata ƙungiyar adashi tana tura wa mambobi 2,000 saƙon tuni, kowane saƙo rabin daƙiƙa. Ana bukatar daƙiƙa 1,000 ke nan. Wajen mutum na 1,800 za a yanke ta. Bugu da ƙari, irin wannan aiki na jadawali idan ya faɗi, Lambda na sake gwada shi sau biyu, daga farko. Sai mutum 1,800 su sami saƙo sau uku, 200 na ƙarshe kuwa ko ɗaya.

Maganin shi ne a raba aikin kashi-kashi, a ce ɗari biyu-biyu, kuma a sa alama a kan duk wanda aka tura wa, don sake gwaji ya tsallake shi. Manhajar ma za ta iya duba sauran lokacinta da `get_remaining_time_in_millis()` ta tsaya da kanta.

Mai karatu, kafin ka miƙa wa gajimare aikin dare, auna shi yana sanyi, da cikakken lodinsa. Idan ya doshi minti 15, raba shi tun yau.